Rabon Ƙwaƙwalwar Aiki Fiye da Kima da Dabarar Balan-balan: Dalilin da Yawan Baƙi ke Jefa Kwamfuta Mai Masauki Cikin Musanya

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda kwamfuta guda take yi wa kwamfutocin kwaikwayo da ke zaune a cikinta alƙawarin ƙwaƙwalwar aiki fiye da wadda ta mallaka, da yadda dabarar balan-balan take karɓo wani kaso daga hannunsu idan wuri ya ƙure. An ɗauki tsarin KVM na Linux a matsayin fagen nazari, sannan aka bi lissafin wata kwamfuta mai gigabayit 64 daki-daki. Maƙalar ta nuna cewa balan-balan na iya karɓo abin da baƙo ba ya amfani da shi ne kawai. Da zarar jimillar abin da baƙi ke aiki da shi a lokaci guda ta zarce ƙwaƙwalwar mai masauki, musanya mai tsanani ta zama dole.

Fitilun Kalmomi: ƙwaƙwalwar aiki, mai masauki, baƙo, balan-balan, musanya, shafukan aiki

1.0 Gabatarwa

A cibiyoyin kwamfuta na yau, ba kasafai ake keɓe wa kowane aiki na'urarsa ba. Akan sayi babbar kwamfuta guda, a ƙirƙiri kwamfutocin kwaikwayo da dama a cikinta, kowacce da tsarin aikinta da manhajojinta. Babbar kwamfutar ita ake kira mai masauki, waɗanda ke cikinta kuma baƙi. Abin da ya fi saurin ƙarewa a irin wannan gida shi ne ƙwaƙwalwar aiki, wadda masu sana'ar suka fi sani da ram, wato wurin da manhaja ke ajiye bayanan da take sarrafawa a halin yanzu. Faifan ajiya yana da yalwa da araha, amma yana da nawa. Ƙwaƙwalwar aiki kuwa tana da sauri da tsada.

Tsadar nan ce ta sa masu kula da kwamfutoci suke raba wa baƙi fiye da abin da ke hannu, bisa zaton cewa ba duka za su buƙaci rabonsu a lokaci ɗaya ba. Zaton yakan yi daidai na tsawon watanni, sai kuma rana ɗaya komai ya tsaya cik, alhali babu abin da ya lalace. Manufar maƙalar ita ce fayyace abin da ke faruwa a wannan rana.

2.0 Yadda Alƙawari ke Wuce Abin da ke Hannu

Kwamfuta ba ta raba ƙwaƙwalwa a dunƙule. Tana yanka ta ne gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma a yawancin kwamfutoci girman shafi kilobayit 4 ne. Saboda haka gigabayit guda yana ɗauke da shafuka 262,144.

A tsarin KVM, wanda ya shiga cikin Linux a shekarar 2007, kowane baƙo manhaja ce guda a idon mai masauki, wadda galibi QEMU ke tafiyarwa. Idan aka ce an ba baƙo gigabayit 8, mai masauki ba ya ware shafukan nan take. Yana rubuta alƙawarin ne kawai, sai ranar da baƙon ya taɓa wani shafi a karon farko sannan a ba shi shafi na gaske. Wannan jinkiri shi ne ƙofar rabon wuce-kima. Tunda alƙawari ba ya cin wuri, ana iya yi wa baƙi goma sha biyu alƙawarin gigabayit takwas-takwas a kwamfutar da ba ta da ko kusa da gigabayit 96.

Matsalar ita ce tafiyar hanya ɗaya ce. Shafin da baƙo ya taɓa ya zama nasa a lissafin mai masauki, ko da daga baya baƙon ya gama da shi. Idan wata manhaja a cikin baƙo ta rufe, tsarin aikin baƙon zai sa shafukanta cikin jerin wuraren da babu kowa, amma wannan jeri a cikin baƙon yake, mai masauki ba ya ganin sa. Bugu da ƙari, tsarin aiki ba ya son barin ƙwaƙwalwa a banza. Duk fayil ɗin da ya karanta daga faifai yakan ajiye kwafinsa a ƙwaƙwalwa, ko da za a sake nema. Wannan kwafin ko-ta-kwana yana ta ƙaruwa har ya cike duk sararin da ya rage. Sakamakon haka, baƙon da ainihin aikinsa bai wuce gigabayit 3 ba yakan wayi gari yana riƙe da gigabayit 8 cif bayan 'yan kwanaki.

A nan ya wajaba a bambance abubuwa uku: abin da aka yi wa baƙo alƙawari, da abin da ya taɓa, da abin da yake aiki da shi a wannan lokaci. Na ukun shi ne wanda Peter Denning ya yi bayaninsa a 1968, wato tarin shafukan da manhaja ke komawa gare su a kai a kai cikin ɗan gajeren lokaci. A wannan maƙala za a kira su shafukan aiki. Duk abin da zai biyo baya ya rataya ne a kan wannan bambanci.

3.0 Dabarar Balan-balan

Idan wuri ya fara ƙurewa, mai masauki yana buƙatar ya karɓo shafuka daga baƙi, amma bai san waɗanda suke da muhimmanci ba. Baƙon ne ya sani. Dabarar balan-balan, wadda Carl Waldspurger ya bayyana a 2002 game da manhajar VMware ESX Server, hanya ce ta sa baƙo ya yi zaɓin da kansa.

Ana dasa wata 'yar ƙaramar manhaja a cikin tsarin aikin baƙo, wadda ke karɓar umarni daga mai masauki. A KVM sunanta `virtio_balloon`. Idan mai masauki ya ce a hura, sai ta nemi shafuka daga tsarin aikin baƙon kamar yadda kowace manhaja ke nema. Ba ta rubuta komai a cikinsu. Tana riƙe su ne kawai, ta aika wa mai masauki lambobinsu, shi kuma ya kwance shafukan gaske da ke bayansu ya ba wani. A idon baƙo, wata manhaja ce ta kumbura ta cinye wuri. A idon mai masauki, wuri ya samu. Idan aka ce a sace iskar, sai ta mayar wa baƙon shafukan.

Hikimar tana cikin jerin abin da baƙo ke sadaukarwa. Da farko yana ba da shafukan da babu komai a cikinsu, wanda ba ya jawo masa asarar komai. Bayan su sai kwafin ko-ta-kwana, wanda zubar da shi ba ya buƙatar rubutu a faifai, tunda asalinsa yana can. Sai idan waɗannan sun ƙare ne baƙon zai fara kwashe bayanan manhajojinsa zuwa nasa wurin musanya, kuma ko a nan zai fara ne da waɗanda aka daɗe ba a taɓa ba.

Mai kula da kwamfuta yana iya hura balan-balan da hannu. Umarni na farko a ƙasa yana rage baƙo mai gigabayit 8 zuwa huɗu da rabi, na biyu kuma yana nuna halin da yake ciki:

```
virsh setmem bako01 4608M --live
virsh dommemstat bako01
```

A sakamakon umarni na biyu, layin `actual` yana nuna girman da aka bar wa baƙo, `rss` yana nuna abin da yake riƙe da shi a ƙwaƙwalwar mai masauki, `usable` kuma, idan an kunna tattara ƙididdiga, yana nuna abin da baƙon zai iya bayarwa ba tare da ya shiga musanya ba.

Dabarar tana da iyakoki guda uku. Na farko, sai da yardar baƙo: idan ba a dasa manhajar ba, ko baƙon yana tsakiyar tashi, ko ya maƙale, umarnin ba ya aiki. Na biyu, tana ɗaukar lokaci, domin baƙo sai ya nemo shafukan ɗaya bayan ɗaya, alhali wata manhaja a wani baƙon na iya neman gigabayit biyu cikin ƙiftawar ido. Na uku, wanda ya fi kowanne, balan-balan ba ya ƙirƙirar ƙwaƙwalwa. Yana ɗauko ta ne daga inda take zaune a banza. Idan babu ta banza, hurawa ba ta yin komai face mayar da ƙuncin daga mai masauki zuwa cikin baƙo.

4.0 Lissafin Kwamfuta Mai Gigabayit 64

A ɗauka wata cibiya tana da kwamfuta mai gigabayit 64. An bar wa mai masauki 4 domin nasa aikin, saura 60 na baƙi. Kowane baƙo an yi masa alƙawarin 8. A lokacin da babu cunkoso, shafukan aikin kowane baƙo gigabayit 3 ne. A lokacin cunkoso, misali makon rajistar ɗalibai, sukan kai huɗu da rabi.

Da baƙi bakwai, alƙawarin ya tsaya a 56. Babu wuce-kima, ko da kowa ya cika rabonsa.

Da baƙi goma sha biyu, alƙawarin ya kai 96, ya ɗara abin da ke hannu da 36. Idan aka zuba ido, kwafin ko-ta-kwana zai sa su taɓa fiye da 60, mai masauki ya shiga musanya ba gaira ba dalili. Amma ainihin bukatarsu 36 ce a lokacin sauƙi, 54 a lokacin cunkoso. Idan aka hura balan-balan aka tsayar da kowa a kan biyar ko ƙasa kaɗan, duka za su shiga cikin 60. A wannan mataki dabarar tana cika aikinta, domin abin da take karɓa rara ce.

Ganin haka sai mai kula ya ƙara baƙi huɗu, suka zama goma sha shida. A lokacin sauƙi bukatarsu 48 ce, komai na tafiya lafiya, kuma wannan lafiyar ce ke yaudara. Da cunkoso ya zo, goma sha shida sau huɗu da rabi ya ba da 72. An samu giɓin gigabayit 12, kuma giɓin ba na rara ba ne, na shafukan da ake komawa gare su ne a kai a kai. Idan aka raba 60 daidai, kowa zai sami uku da kashi uku cikin huɗu, ƙasa da bukatarsa. Ko a hura balan-balan ko a bar shi, shafuka sama da miliyan uku dole su zauna a faifai alhali ana neman su. Hausawa sun ce idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Abin lura shi ne, ƙarin baƙi kashi ɗaya bisa uku bai jawo raguwar sauri kashi ɗaya bisa uku ba. Daga isa zuwa rashin isa babu gangara, rami ne. Dalilin yana cikin tazarar gudu tsakanin ƙwaƙwalwa da faifai.

5.0 Abin da Musanya ke Ci

Musanya ita ce mai masauki ya kwashe shafi daga ƙwaƙwalwa ya rubuta shi a wani keɓaɓɓen wuri a faifai, ya kuma dawo da shi idan an neme shi. Ɗauko bayani daga ƙwaƙwalwa yana ɗaukar kimanin nanosakan 100, nanosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin biliyan na sakan. Ɗauko shafi daga faifan lantarki marar juyawa yana ɗaukar kimanin ninki dubu na wannan. Faifai mai juyawa kuma kimanin ninki dubu ɗari, wato kusan kashi ɗaya cikin ɗari na sakan.

Ma'anar wannan ita ce, idan a cikin kowace nema dubu guda ɗaya tak ta faɗa kan shafin da ke faifan lantarki, matsakaicin lokacin nema ya ninka biyu. A faifai mai juyawa, guda ɗaya cikin dubu ɗari ta isa ta yi wannan ɓarna. A misalin da ya gabata kuwa, kashi ɗaya cikin shida na shafukan aiki ne ke waje. Idan aka ce a dawo da gigabayit 12 shafi bayan shafi daga warwatsattsun wurare, faifai mai juyawa zai kwashe sama da awa takwas, na lantarki kimanin minti biyar. Tsarin aiki yakan ɗauko shafuka da dama a tare domin rage wannan, amma ba ya kawar da tushen matsalar: duk shafin da aka dawo da shi sai an fitar da wani domin a sama masa wuri, wanda aka fitar ɗin kuma za a neme shi nan ba da jimawa ba. Aikin ya zama tufka da warwara. Masarrafin kwamfutar yana zaune yana jira, faifai kuma yana aiki ba hutawa.

6.0 Dalilin da Musanyar Mai Masauki ta Fi Muni

Musanya a cikin baƙo da musanya a wajen mai masauki ba ɗaya ba ne, ko da adadin shafukan ya zo daidai. Mai masauki yana zaɓe ne a makance. Abin da ya sani game da shafi bai wuce ko an taɓa shi kwanan nan ba. Daga wannan makanta illoli huɗu suke fitowa.

Ta farko ita ce rubutun banza. Shafin da baƙo ya riga ya yasar, ko kwafin ko-ta-kwana da baƙon zai iya zubarwa kyauta, mai masauki sai ya rubuta shi a faifai da kulawa, domin a wurinsa duk shafi amana ne. Idan daga baya baƙon ya so ya yi sabon rubutu a wannan shafi, sai an fara dawo da tsohon abin da ke ciki, wanda ba mai bukatarsa, kafin a shafe shi.

Ta biyu ita ce musanya riɓi biyu. Mai masauki da baƙo duk suna neman shafin da aka daɗe ba a taɓa ba, don haka sukan faɗa kan shafi ɗaya. Mai masauki ya riga ya fitar da shi. Baƙo, da bai san haka ba, ya yanke shawarar kai shi nasa wurin musanya. Domin ya rubuta shi sai ya karanta shi, karantawar kuma ta tilasta wa mai masauki dawo da shi. Shafi guda ya yi tafiya uku a kan faifai a maimakon ɗaya. Wannan ya sa hura balan-balan bayan mai masauki ya riga ya nutse cikin musanya yakan ƙara tsananta lamarin kafin ya sassauta shi.

Ta uku ita ce tsayuwar baƙo. Idan baƙo ne ya fitar da shafin wata manhaja, ya san manhajar za ta jira, sai ya ba wata dama. Amma mai masauki na iya fitar da shafin da ke cikin zuciyar tsarin aikin baƙon, wanda baƙon da kansa ba zai taɓa fitarwa ba. KVM yana da hanyar sanar da baƙo ya juya ga wani aiki kafin shafi ya iso, sai dai ba a kowane hali take yiwuwa ba. Idan ba ta yiwu ba, masarrafin kwaikwayon baƙon yakan tsaya gaba ɗaya, duk abin da ke jiran sa ya tsaya tare da shi.

Ta huɗu ita ce cunkoson faifai. Sau da yawa wurin musanya da faifan kwaikwayon baƙi a kan na'ura ɗaya suke. Zirga-zirgar musanya sai ta toshe hanyar karatu da rubutun yau da kullum, har baƙon da bai wuce bukatarsa ba ya shiga layi. Ga shi kuma an riga an zubar da kwafin ko-ta-kwana, don haka kowa ya ƙara dogara ga faifan da ya riga ya cika da aiki. Buƙatun masu amfani suna taruwa saboda jinkiri, kowace buƙata da ke jira kuma tana riƙe da ƙwaƙwalwa, giɓin ya ƙara faɗi.

Idan wurin musanya ma ya cika, Linux yana da mataki na ƙarshe: ya kashe manhajar da ta fi cin ƙwaƙwalwa. A kwamfuta mai masauki, wannan manhaja kusan kullum baƙo ne sukutum, kuma mutuwarsa tamkar zare wayar wuta ce, duk abin da bai kai faifai ba ya tafi.

7.0 Alamomi da Abin Yi

Alama mafi ruɗarwa ita ce baƙo yana jan ƙafa alhali a cikinsa komai na nuna lafiya: ƙwaƙwalwa da saura, musanya babu. Dalili shi ne cutar tana waje. Don haka a wajen mai masauki ake dubawa:

```
vmstat 5
cat /proc/pressure/memory
```

A sakamakon umarni na farko, `so` yana nuna abin da ake fitarwa zuwa musanya, `si` abin da ake dawowa da shi, `wa` kuma lokacin da masarrafi ya ɓata yana jiran faifai. Yawan abin da ke kwance a wurin musanya shi kaɗai ba hujja ba ne, domin yana iya zama tsofaffin shafukan da ba mai nema. Haka nan `so` ya ɗaga na ɗan lokaci ya sauka. Abin tsoro shi ne `si` da `so` su ɗaga tare su ƙi sauka, wanda ke nuna shafukan aiki ne ke kai-komo. Fayil na biyu, wanda ya samu tun Linux 4.20 a 2018, yana da layi mai suna `full` da ke nuna kason lokacin da duk ayyukan da ke son gudana suka tsaya jiran ƙwaƙwalwa.

Ana bambance mataki na biyu da na uku na misalin ta hanyar tara `usable` na duk baƙi. Idan jimillar ta fi giɓin, akwai rara, balan-balan zai wadatar, muddin an hura shi da wuri kuma a hankali, kafin mai masauki ya fara fitar da shafuka. Idan ba ta kai ba, hanyoyi uku ne suka rage: a ƙara ƙwaƙwalwa, ko a mayar da wasu baƙi wata kwamfutar, ko a kashe marasa muhimmanci. A misalin, 60 a raba da huɗu da rabi ya ba da baƙi goma sha uku, saura gigabayit ɗaya da rabi kacal, don haka goma sha biyu ne adadin da hankali zai kwanta da shi. Akwai kuma dabarar KSM, wadda ke haɗe shafuka masu abu iri ɗaya su zama guda. Tana taimakawa idan baƙi tsarin aiki ɗaya suke amfani da shi, amma ribarta na raguwa da zarar kowa ya fara rubuta nasa bayanan, wato daidai lokacin cunkoso.

8.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa rabon wuce-kima yana yiwuwa ne saboda tazarar da ke tsakanin alƙawari da shafukan aiki, kuma balan-balan hanya ce ta karɓo abin da ke cikin wannan tazara da sanin baƙo. Adadin baƙin da kwamfuta za ta ɗauka ba a auna shi da alƙawarin da aka yi musu, ba a kuma auna shi da halin da suke ciki a ranar sauƙi. Ana auna shi ne da jimillar shafukan aikinsu a sa'ar da ta fi kowace cunkoso, musamman idan aiki iri ɗaya suke yi, wanda ke sa bukatarsu ta tashi a tare. A kwamfutar da aka yi nazari, wannan jimilla ta kasance 54 da baƙi goma sha biyu, 72 da goma sha shida, abin da ke hannu kuwa 60 ne.